Yaron da Ba Ya Ji: A Ba Shi Harshe Tun Kafin A Nema Masa Murya

A gidajenmu na Belleville da sauran unguwannin Treichville da Adjamé, yaro yakan tashi cikin harsuna uku ko huɗu ba tare da wani ya zaunar da shi ya koya masa ba. Yana jin Hausa a ɗakin mahaifiyarsa, yana jin Julanci a kasuwa, yana jin Faransanci a bakin yayyensa, ga kuma Larabci a makarantar allo. Duk waɗannan ta kunne suke shiga. To idan Allah ya ba mutum ɗa wanda ƙofar kunnensa ke rufe, ba ko ɗaya daga cikinsu da zai isa gare shi, ko da kuwa gidan cike yake da surutu daga asuba har dare. Irin wannan yaro ana ciyar da shi, ana tufatar da shi, ana ƙaunarsa, amma yana iya kai shekara shida bai mallaki harshe ko guda ba.

Wannan rashi shi ne babbar hasarar, ya fi rashin jin kansa illa. Ƙwaƙwalwar yaro tana buɗe wa koyon harshe a shekarun farko, musamman ukun farko, daga nan sai ta riƙa daskarewa sannu a hankali. Binciken da masaniya Rachel Mayberry ta daɗe tana yi a kan kurame ya nuna cewa wanda bai sami harshensa na farko ba sai da ya girma, da wuya ya ƙware a kowane harshe daga baya, na hannu ne ko na rubutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka tambayar da ta kamata iyaye su fara yi ita ce: ta wace hanya harshe zai isa ga yaronmu yau? Zancen ko zai yi magana da baki wata rana yana zuwa ne bayan wannan.

Yadda ake gane matsalar

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyayensu masu ji ne, don haka yawanci babu wanda ya zaci abin a gidan. Abin da ke ƙara ruɗa iyaye kuma shi ne jaririn da ba ya ji yana kuka, yana dariya, yana ƴan guraye kamar kowane jariri. Bambancin yana bayyana ne tsakanin wata shida zuwa goma, lokacin da mai ji yake fara maimaita gaɓoɓi, yana cewa ba-ba-ba ko da-da-da. Wanda ba ya ji yakan makara ƙwarai a wannan, ko kuma ya ƙara yin shiru. Alamomin da uwa za ta lura da su kaɗan ne: jaririn da bai firgita da ƙara mai ƙarfi a watanninsa uku na farko, wanda bai juya wajen murya yana da wata shida, wanda bai waiwaya idan an kira sunansa yana da shekara guda, da wanda ya kai shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba.

Gwajin da ake yi a gida, na tafa hannu ko buga murfin tukunya, yakan yaudari mutane. Kurma idonsa kaifi ne da shi, yana ganin inuwa, yana jin iskar tafin a fatarsa, yana jin girgizar ƙasa in an taka da ƙarfi, sai ya juyo a ce ai yana ji. Wanda zai gwada sai ya tsaya bayan yaron, taku guda nesa da shi, inda ba ya ganin ko inuwarsa, ya kira shi da murya irin ta hira. In bai juyo ba, a tafi asibiti. In ma ya juyo amma zuciyar uwa ba ta kwanta ba, a tafi, domin gwajin gida yana iya tayar da zargi amma ba ya wanke kunne.

Akwai yaran da ya wajaba a auna jinsu ko ba a ga wata alama ba: wanda ya tashi daga sankarau, ko ƙyanda, ko hangum, ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, wanda shawara ta kama da tsanani a kwanakin haihuwa, bakwaini, wanda aka yi wa allurar jentamisin ko makamanciyarta ta kwanaki da yawa, wanda kunnensa ke yawan zubar da ruwa, da wanda akwai kurma a danginsa, musamman inda auren zumunci ya yawaita. Sankarau ya fi buƙatar gaggawa, domin bayan ciwon, sashen nan mai siffar katantanwa da ke can cikin kunne yana iya cikewa da ƙashi cikin ƴan watanni, abin da ke wahalar da duk wani aiki da za a so yi daga baya. Don haka a nemi awon ji cikin wata guda da sallamar yaron daga asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na rashin ji a yara ana iya kauce masa, kuma allurar rigakafi tana cikin manyan hanyoyin.

Wurin da za a nufa shi ne sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake rubuta ORL a ƙofarsa, kamar na babban asibitin koyarwa na Treichville ko na Cocody. Gwaji biyu ake yi wa ƙananan yara, kuma babu mai zafi a cikinsu. Na farko, wanda za a gani an rubuta OEA a takarda, ɗan bututu ne ake sawa a kunne na ƴan mintoci, yana nuna ko cikin kunnen yana amsa sauti. Na biyu, PEA, ana liƙa ƴan wayoyi a goshi da bayan kunne yaron yana barci, a auna yadda jijiyar ji take kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da likitocin yara suke bi a ƙasashe da yawa ita ce a tantance jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Wanda ya wuce wannan lokaci bai makara da farawa ba, sai dai kada ya ƙara ko mako guda yana jiran yaro ya buɗe baki da kansa.

A nan ya dace a ja kunnen iyaye game da wanzami. Yaron da bai yi magana ba saboda bai ji ba, harshensa da maƙogwaronsa lafiya lau suke. Cire masa beli ko yanke jijiyar ƙarƙashin harshe ba zai ƙara masa komai ba sai zubar jini da haɗarin cuta. Haka nan ɗiga mai ko ruwan ganye a kunne, in dodon kunnen ya huje, yana iya lalata ɗan sauran jin da ya rage.

Abin da lambobin takarda suke nufi

Likita zai ba da takarda mai lambobi da alamar dB, wato desibel, ma'aunin ƙarfin sauti. Lambar tana nuna ƙarfin da sauti zai kai kafin yaron ya fara jinsa. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. A rabon da likitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci suke bi, daga 21 zuwa 40 rashin ji ne mai sauƙi, daga 41 zuwa 70 matsakaici, daga 71 zuwa 90 mai tsanani, abin da ya haura 90 kuwa shi ne mai zurfi. Yaro mai 50 yana jin magana kamar daga bayan bango, kuma na'urar ƙarin ji tana yi masa amfani sosai. Mai 80 ba ya jin hira sam sai da na'ura. Mai 100 yana iya jin ganga ko tsawa, amma ko da na'ura, da wuya ya rarrabe kalmomi. Kada iyaye su bar ɗakin likita sai sun tambayi lambar kowane kunne, kuma sun tambaya ko matsalar ta toshewa ce, irin ta ruwa a bayan dodon kunne wadda ake warkarwa, ko ta jijiya ce wadda ba ta dawowa.

Maganar hannu tun daga goyo

Mutane da yawa suna tsoron cewa idan aka koya wa yaro maganar hannu zai yi ƙyuya ya ƙi magana da baki. Wannan tsoro tsoho ne. A taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan a 1880 an yanke shawarar fifita koyar da magana da baki a kan ishara, makarantu da yawa suka hana yara amfani da hannuwansu, aka yi kusan ƙarni guda ana fitar da ɗalibai da yawa waɗanda ba su iya maganar ba, ba su kuma sami ilimin ba. A 2010, a birnin Vancouver, taron ya fito fili ya janye wancan hukunci. Abin da aka sani yau shi ne ishara ba ta hana magana. Yaron da ya riga ya san cewa kowane abu yana da suna, ya san alamar ruwa da ta uwa da ta zafi, shi ne ya fi saurin gane abin da ake nufi ranar da aka ce ya furta kalmar.

Maganar hannu harshe ne cikakke mai nahawunsa, inda siffar hannu da wurin da aka ajiye shi da motsinsa da yanayin fuska duk suke ɗauke da ma'ana. A 1991 masu bincike Laura Petitto da Paula Marentette sun nuna cewa jariran kurame da ake yi wa ishara tun haihuwa suna gwarancin hannu a daidai watannin da masu ji suke gwarancin baki. Kuma ba harshe guda ba ne a duniya. Kuramen ƙasar Hausa suna da nasu, wanda Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta wallafa littafi a kansa a 2000 mai suna Maganar Hannu. A nan Kodebuwa ma, masanin harshe Angoua Tano ya rubuta kundin digirinsa na 2016 a kan harshen hannu na ƙauyen Bouakako kusa da Hiré. Amma wanda ake karatu da shi a makarantun kurame na Abidjan ya samo asali ne daga na Amurka, aka daidaita shi da kalmomin Faransanci da al'adun ƙasar nan. Ga iyalin da ke zaune a Abidjan, wannan shi ne wanda ya kamata a koya, domin da shi yaron zai yi karatu, da shi zai yi abokai. Isharorin da kaka ta zo da su daga Maraɗi ko Katsina, irin na tuwo da salla da kasuwa, ba a yar da su, sai a ɗora na makaranta a kansu.

Mafi kyawun malamin wannan harshe shi ne kurma babba wanda ya ƙware. Ana iya samunsa ta hanyar ƙungiyar kurame ta ƙasa, ANASOCI, ko ta makarantar kurame ta Yopougon. Ya riƙa zuwa gida sau ɗaya ko biyu a mako, kuma darasin ya haɗa uwa da uba da yayye da duk mai goyon yaron. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar wa uwa ita kaɗai, sai ta zama tafinta, uba kuma ya zama baƙo ga ɗansa.

Akwai ladubban magana da yaron da ke ji da ido. A fara samun dubansa kafin a ce komai, ta hanyar dafa kafaɗarsa ko ɗaga hannu a gabansa, kada a jefe shi da abu ko a fizgi haɓarsa. A durƙusa daidai tsayinsa, haske yana kan fuskar mai magana. A tuna cewa ba zai iya duban abu da duban hannu a lokaci guda ba: a nuna masa kofin, a jira ya ɗago ido, sa'an nan a yi alamar. Goyo a baya, wanda yake makaranta ce ga jariri mai ji, ga kurma lokacin shiru ne, don haka a riƙa sauke shi ana zaunar da shi yana fuskantar masu aiki. Da dare kuwa, in an ɗauke wuta, a kunna fitila kafin a yi masa magana, domin duhu gare shi kamar toshe baki ne.

Na'ura da aikin mai gyaran magana

Na'urar ƙarin ji tana ƙara ƙarfin sauti ne, ba ta mayar da kunne sabo. Dole a saita ta bisa takardar awon yaron, shi ya sa wadda ake saya a kasuwa haka kawai ba ta da amfani, tana ma iya cutarwa. Robar da ke shiga kunne ana yin ta ne da awon kunnen yaron, kuma tun da kunnen yana girma, sai an sake ta kowane ƴan watanni a shekarun farko. Idan na'ura ta fara fito, yawanci robar ce ta yi sako-sako. Batirinta ɗan ƙarami yakan yi mako ɗaya zuwa biyu, kuma a ɓoye shi daga yara domin haɗiye shi haɗari ne babba. Laimar Abidjan da gumi su ne manyan abokan gabanta, don haka kowane dare a buɗe murfin batir a sa ta cikin gwangwani mai maganin tsotse laima. Amfaninta kuma yana ga sawa duk tsawon lokacin da yaron yake farke. Na'urar da ake adanawa a akwati sai ranar suna ko salla kuɗi ne aka zubar.

Mai gyaran magana, wanda ake kira ortofonist, ana samunsa a manyan asibitoci, da cibiyar kula da tarbiyyar ƙananan yara ta INSP a Adjamé, da wasu ɗakunan masu zaman kansu. Zama guda yakan ɗauki minti 30 zuwa 45, sau ɗaya ko biyu a mako. Aikinsa hawa-hawa ne. Da fari yaron zai koyi gane cewa akwai sauti ko babu. Daga nan ya bambanta sauti biyu, dogo da gajere, mai kauri da siriri. Sa'an nan ya gane kalma ya nuna abin da ake nufi, a ƙarshe ya fahimci jimla. A gefe guda ana horar da numfashi da murya, ana amfani da madubi, ana ɗora hannun yaron a maƙogwaron babba ya ji rawar murya. Ortofonist na ƙwarai yana zaunar da uwa a ɗakin, yana ba ta aikin gida, domin sa'a guda a mako ba ta gina harshe.

Akwai ɗan gwaji na kullum da iyaye za su iya koya, wanda Daniel Ling ya tsara. Sautuka shida ne: m, u, a, i, sh, s. Sun ratsa daga mafi kauri zuwa mafi siriri a cikin maganar ɗan Adam. Kowace safiya bayan an sa na'ura, uwa ta tsaya gefen yaron inda ba ya ganin bakinta, ta furta su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya jefa dutse a kwano duk lokacin da ya ji. In jiya ya ji sh yau bai ji ba, a duba batir da roba, in ba su ba ne a koma asibiti.

Karatun leɓe kuwa kada a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Mai karatu ya tsaya gaban madubi ya ce bari, ɓari, mari ba tare da murya ba, zai ga leɓunansa abu guda suke yi. Kara da ƙara da gara duk a can cikin baki ake yin su inda ido ba ya kai. Kuma Hausa harshe ne mai karin sauti: kuka na hawaye da kuka ta miya babu abin da ya raba su a leɓe. Saboda haka yaron da aka bari da kallon baki kaɗai rabin zancen cinta yake yi.

Ga mai rashin ji mai zurfi akwai aikin dashen na'ura a cikin kunne, wanda ke tura saƙo kai tsaye ga jijiya. Ya fi amfani in an yi shi da wuri, kafin shekara biyu zuwa uku. Kuɗinsa miliyoyin sefa ne, kuma bayan aikin akwai shekaru na saiti da gyaran magana da sayen kayan canji. Ko wanda aka yi wa dashen, da zarar an cire na'urar waje don wanka ko barci, ko ta lalace, kurma ne, don haka maganar hannu tana nan da amfaninta.

Misali daki-daki

A ɗauka ga wata yarinya a Belleville mai wata 18, ba ta waiwaya in an kira ta. An kai ta ORL, gwajin PEA ya nuna 85 a kunnen hagu, 95 a dama, kuma matsalar ta jijiya ce. Ma'ana, hirar gida mai ƙarfin 60 ba ta taɓa isa gare ta ba tun da aka haife ta.

A makon farko, tun kafin a tara kuɗin na'ura, sai a nemo malamin ishara. A fara da alamomi biyar a mako, na abubuwan da take so: nono, ruwa, ci, uwa, ƙari. A sayi ɗan littafi a riƙa rubuta alamar da ta gane a shafi guda, wadda ta yi da hannunta a ɗaya shafin. Cikin wata biyu a sa mata na'ura a kunnuwa biyu, a fara zuwa wajen ortofonist, a gaya masa cewa Hausa ake yi a gida. Kada uwar da Faransancinta bai nuna ba ta tilasta wa kanta shi, ta yi wa ƴarta harshen da ta fi iyawa tare da ishara.

Bayan wata shida, tana da shekara biyu, sai a zauna a yi lissafi. In littafin ya nuna alamomi kusan hamsin, kuma ta fara haɗa biyu, kamar ruwa ƙari ko baba tafi, to harshe ya kama, tana kan hanyar da tsararrakinta masu ji suke bi. Sa'an nan a duba kunne. In daga taku guda tana amsa m, u, a, i, ko da ba ta jin s, akwai abin da za a gina magana a kansa, sai a ƙara himma. In kuwa ta sa na'urar kullum tun daga ranar da aka ba ta ita amma ba ta amsa ko ɗaya, to na'urar ba ta kai mata magana, sai a koma wa likita a sake saiti, a tambayi batun dashe, a kuma ɗauki maganar hannu a matsayin babban harshenta. A duka hali biyun yarinyar ba ta yi hasarar wata shidan ba. Wadda ta yi hasara ita ce wadda aka hana wa ishara ana jiran na'ura ta yi abin mamaki. Idan kuma alamomin ba su ƙaru ba duk da ƙoƙarin gida, a auna idonta, a kuma duba sauran girmanta, domin wani lokaci rashin ji yakan zo tare da wata matsalar.

Zaɓen makaranta

Doka tana bayan iyaye. Dokar ƙasa ta 10 ga Nuwamba 1998 ta tabbatar wa masu naƙasa haƙƙin ilimi, kuma tun 2015 karatu wajibi ne ga kowane yaro daga shekara 6 zuwa 16. Tsohuwar makarantar kurame ta ƙasar nan ita ce ECIS da ke Yopougon, wadda Andrew Foster ya kafa a 1974. Shi kurma ne baƙar fata ɗan Amurka, ɗan mishan, wanda ya fara da Gana a 1957 ya buɗe makarantu kusan talatin a Afirka kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Daga baya makarantar ta koma hannun gwamnati, kuma manhajar firamare ta ƙasa ake bi a cikinta. Ban da ita akwai cibiyoyi masu zaman kansu, akwai kuma makarantun gwamnati da suke haɗa kurame da masu ji a aji guda.

Sunan makaranta ba ya isa hujja, gani ya kori ji. Uba ko uwa su je da kansu ranar karatu, tare da malamin isharar gidansu, su zauna a aji na sa'a guda. Ma'auni na farko shi ne ko yaran suna fahimtar malami. A lura ko yana ishara da jimla cikakkiya ko kuwa magana yake yi yana jefa alama ɗaya-ɗaya. A lura ko yara suna yi masa tambaya, suna gardama, suna dariya a inda ya dace. Ajin da yara suke kwafar allo shiru da kyakkyawan rubutu yana iya zama ajin da ba a gane komai. Malamin isharar ya tambayi yaro guda abin da ya rubuta, amsar za ta bayyana gaskiya. A duba ko kujeru suna zagaye yadda kowa ke ganin hannun kowa, ko akwai haske, ko akwai kurame manya cikin ma'aikata, kuma a tambayi inda ɗaliban da suka ci jarrabawar CEPE suke zuwa bayan nan.

Yaro mai matsakaicin rashin ji, wanda na'ura ta ba shi magana, yana iya zama a makarantar unguwa, in za a zaunar da shi a sahun gaba nesa da tagar titi, malami kuma ya yarda ba zai yi bayani yana fuskantar allo ba. Mai rashin ji mai zurfi kuwa, in aka sa shi shi kaɗai cikin aji mai yara da yawa babu mai ishara, zai yi shekaru yana dumama benci. Alamar haka ita ce ya dawo gida a gajiye da fushi, kuma bai iya ba da labarin abu guda da aka koya ba.

Sai batun nisa. Daga Treichville ko Adjamé zuwa Yopougon tafiya ce ta gbaka cikin cunkoso safe da yamma, kuma ƙaramin yaron da ba ya jin oda ba a sakinsa shi kaɗai. Gidaje biyu ko uku masu irin wannan yara suna iya karɓa-karɓar rakiya. In za a ajiye shi wurin dangi ko ɗakin kwana, a tabbata ya riga ya san alamomin sassan jikinsa, da na a'a, da na ciwo, ya kuma san wanda zai kai wa ƙara. Yaron da ba shi da hanyar faɗin abin da aka yi masa shi mugu ya fi nema. A je neman gurbi tun watanni kafin komawar makaranta ta Satumba, da takardar haihuwa da takardar awon ji a hannu.

Iyaye sukan tambaya game da addininsa. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun ɗauki isharar da ake fahimta daga wanda ba ya magana a matsayin furuci, a ciniki da aure da sauransu. Alwala da salla ana koyonsu da ido, a tsaye kusa da uba ko uwa. Amma ma'anar abin da ake yi, da sanin halal da haram, sai da harshe, kuma a nan ma hannu ne ƙofar. Zai kyautu makarantun Islamiyyarmu na Adjamé da Treichville su tura ko malami guda ya koyi ishara, masallatanmu kuma su tanadi mai fassara huɗuba a gefen sahu.

Wanda ya karanta wannan kuma yana da yaron da yake shakka a kansa, to ya nemi ranar ganin likitan kunne a makon nan, ya kuma koyi alamomi biyar kafin ranar ta zo. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke amanarsu, amin.